Wace Shekara Kogin Nilu Ya Sauya Hali?

A shekarar 1898, ruwan da ya wuce ta garin Aswan da ke kudancin Masar ya kai mita kubik biliyan 110. Da shekara ta zagayo, adadin ya faɗo zuwa biliyan 77 da 'yan kai. Wannan kaɗai bai isa ya tayar wa kowa da hankali ba, domin Nilu ya saba yin haka: a 1877 ya kawo biliyan 81, a 1888 kuma biliyan 80, kuma duk sau biyun nan ya farfaɗo. Amma a wannan karon bai koma yadda yake ba. Shekaru uku da suka biyo baya sun kawo biliyan 84, da 87, da 69. A 1913 ma sai da ruwan ya sauko har ƙasa da biliyan 46, mafi ƙanƙanta a duk lissafin.

Wannan jerin alƙaluma na shekara ɗari, daga 1871 zuwa 1970, ya shahara a wurin masana ilimin ƙididdiga tun bayan da George Cobb ya yi nazari a kansa a 1978. Dalilin shaharar tasa shi ne yana ɗauke da wata tambaya mai kama da sauƙi: shin kogin ya sauya hali ne da gaske, ko kuwa mugayen shekaru ne kawai suka jeru? In ya sauya, a wace shekara? Masana na kiran irin wannan sauyi karyewar tsari, wato lokacin da ƙa'idar da ke haifar da alƙaluman ita kanta ta canza.

Amsar tana da nauyi a aljihu da kuma a siyasa. Lokacin da Masar da Sudan suka ƙulla yarjejeniyar raba ruwan Nilu a 1959, sun ɗauka cewa matsakaicin abin da ke isa Aswan a shekara biliyan 84 ne. Masar ta ɗauki biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, aka bar biliyan 10 don abin da rana ke ƙafarwa. Da sun haɗa da shekarun wadata na ƙarni na sha tara, da sun raba ruwan da babu shi.

Da an san shekarar da ake zargi tun kafin a duba alƙaluman, aikin ba shi da wuya. Gregory Chow ya tsara hanyarsa tun 1960, kuma tana tafiya kamar haka. Da farko a ɗauka babu abin da ya canza, a fitar da matsakaici guda na duk shekaru ɗarin. Ga Nilu, wannan ya kama biliyan 91.9. Sai a duba kowace shekara a ga tazarar da ke tsakaninta da wannan matsakaici, a ninka tazarar da kanta don kada ta sama da ta ƙasa su cinye juna, a tara duka. Jimlar ta kama wajen 28,350. Wannan shi ne yawan kuskuren mutumin da ya ce kogin hali ɗaya gare shi tun farko har ƙarshe.

Sannan a raba jerin gida biyu a kan shekarar da ake zargi, kowane gida da nasa matsakaicin. In aka yanka a ƙarshen 1898, shekaru 28 na farko suna da matsakaicin biliyan 109.8, shekaru 72 na baya kuma biliyan 85.0. Aka sake tara kuskuren, sai ya sauko zuwa wajen 15,975. Rabawar ta kawar da kuskure 12,375 ke nan. Don a san ko wannan ragi babba ne, ana gwada shi da irin kai-komon da kogin ya saba yi a cikin kowane gida, wanda ake samu ta hanyar raba 15,975 da 98, wato shekaru ɗari ban da matsakaita biyun da aka ƙiyasta. Wannan ya ba da 163. In aka raba 12,375 da 163, sai a sami kusan 76. Wannan lamba ita ake kira F.

Dole ne a sani cewa ko a ina aka yanka jeri, kuskuren zai ɗan ragu, domin matsakaita biyu ba za su taɓa kasa matsakaici ɗaya dacewa ba. Shi ya sa ake buƙatar haddi. A gwajin Chow, haddin da aka saba amfani da shi yana kusa da 3.9. Ma'anarsa ita ce, in babu wani sauyi na gaskiya, sau biyar kawai cikin ɗari ne F zai wuce wannan haddi bisa tsautsayi.

To a nan ne gizo ke saƙa. Wa ya ce a yanka a 1898? Wanda ya zana alƙaluman a takarda ya ga inda layin ya faɗi, sannan ya ce bari ya gwada wannan shekarar, ya riga ya karya sharaɗin gwajin ba tare da ya sani ba. Alkawarin nan na sau biyar cikin ɗari yana aiki ne kawai in an zaɓi shekarar daga waje, alal misali ranar da aka kafa wata doka ko aka soma wani yaƙi. Idon da ya zaɓi shekara daga zane ya riga ya gwada dukkan shekarun a asirce, ya ɗauko wadda ta fi kowace kama da karyewa. Kamar mutum ne ya shiga makarantar allo mai yara saba'in, ya zaɓo wanda ya fi kowa tsawo, sannan ya yi ta mamakin cewa yaron ya fi sa'o'insa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko yaron ya fi irin tsawon da zakaran yara saba'in kan yi.

A lissafi, ɓarnar ba ƙarama ba ce. In aka ɗauki jerin shekaru ɗari wanda ba shi da karyewa ko kaɗan, aka gwada duk shekarun tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya, aka riƙe F mafi girma, aka auna shi da haddin Chow, to kusan sau ɗaya cikin uku za a yi shelar karyewar da ba ta faru ba. Akasin haka ma yana faruwa. Mai bincike na iya zaɓar shekara daga waje da zuciya ɗaya, amma ta yi nisa da inda sauyin yake, gwajin ya ce masa babu komai. Ta haka ne mutum biyu za su riƙe alƙaluma iri ɗaya, ɗaya ya rantse akwai karyewa, ɗaya ya rantse babu.

Richard Quandt ya ga mafita tun a 1960 ɗin. Ya ce tunda ba a san shekarar ba, a fito fili a gwada kowace, a ɗauki F mafi girma a matsayin hujja. Shawarar ta yi, amma ta zo da gurguwar ƙafa, domin babu wanda ya san haddin da za a auna wannan zakaran F da shi. Dalilin wahalar yana da ɗan zurfi. Ana fitar da haddi ne ta hanyar tambayar yadda lambar za ta kasance in babu karyewa. Amma in babu karyewa, ita kanta shekarar karyewar ba ta da ma'ana, kowace shekara daidai take da kowace. Ka'idojin da aka saba da su ba su san yadda za su yi da abin da ake ƙiyastawa alhali ba ya nan ba. Haka gwajin Quandt ya zauna fiye da shekaru talatin, ana sha'awarsa amma ba a iya yanke hukunci da shi.

Donald Andrews na Jami'ar Yale ne ya warware ƙullin a 1993. Ya nuna yadda mafi girman F ke kasancewa a dogon jeri marar karyewa, ya kuma fitar da jadawalin haddi. Wani abin da ya gano a hanya ya zama sharaɗin aikin har yau: ba za a gwada shekarun da ke bakin jeri ba. In aka yanka bayan shekara biyu ko uku na farko, matsakaicin wannan ɗan gutsure ba abin dogaro ba ne, shekara ɗaya mai ambaliya ta isa ta harba F sama. A lissafin ma, in ba a datse gefen ba, mafi girman F yakan yi ta hauhawa ba iyaka yayin da jerin ke ƙara tsawo. Don haka ya ba da shawarar a ajiye kashi 15 cikin ɗari a kowane gefe. Babu wani sirri a cikin lamba 15, daidaito ne kawai tsakanin asarar gefe da amincin gwaji, kuma wasu kan yi amfani da kashi 10 ko 5 in jerin yana da tsawo. Sai dai kowace datsa da nata haddin.

Da datsar kashi 15, kuma abu ɗaya ake zargin ya canza, kamar matsakaici, haddin ya tashi daga wajen 3.9 zuwa kusan 8.7, bisa jadawalin da Andrews ya gyara a 2003. Mai son tabbaci mafi tsauri, na kuskure sau ɗaya cikin ɗari, sai F ɗinsa ya wuce 12. Wannan ninkin shi ne kuɗin da ake biya don rashin sanin shekarar. Mai karatu na iya mamakin yadda gwaji saba'in bai sa haddin ya fi haka tashi ba. Dalili shi ne gwaje-gwajen ba baƙin juna ba ne: yanka a 1920 da yanka a 1921 shekara ɗaya kawai ta bambanta su, don haka amsoshinsu na tafiya tare.

A koma kan Nilu. Da aka datse shekaru goma sha biyar a kowane gefe, shekarun da za a gwada sun kama daga 1885 zuwa 1955, guda 71. Aka lissafa F na kowace, aka jera su a zane. Layin ya hau, ya kai ƙololuwa a 1898 da 75.9, sannan ya gangara. Ko da haddi mai tsauri aka auna, 75.9 ya wuce shi ninki shida. Hukunci a nan ba shi da gardama, in dai sharuɗɗan gwajin sun cika.

Ga wanda ke da kwamfuta, alƙaluman Nilu suna zuwa tare da manhajar R, kuma duk aikin nan layi kaɗan ne:

```
library(strucchange)
fs <- Fstats(Nile ~ 1, from = 0.15)
sctest(fs, type = "supF")
bp <- breakpoints(Nile ~ 1)
confint(bp)
```

Layi na ƙarshe yana amsa wata tambaya dabam, wadda mutane kan haɗa da ta farko. Cewa akwai karyewa abu ɗaya ne, cewa ga shekarar da ta faru wani abu ne. Shekarar da F ya fi girma ƙiyasi ce kawai, kuma tana da nata rashin tabbas. Ga Nilu, amsar da ke fitowa a allo ita ce 1898, amma da tazarar amincewa daga 1895 zuwa 1902. Wato duk da faɗuwar biliyan 25, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, alƙaluman ba su iya tsayar da shekara guda tak ba. In sauyin ƙarami ne, tazarar kan kai shekaru ashirin ko fiye. Siffar zanen F tana ba da labari tun kafin a yi wannan lissafi. Tsini mai kaifi yana nufin an kama shekarar da kyau. Tudu mai faɗin kai kuwa yana nufin ko dai sauyin ya zo a hankali, ko kuma alƙaluman ba su da ƙarfin nuna wurin. Tudu biyu alama ce ta karyewa fiye da ɗaya.

Wannan tazarar ta 1895 zuwa 1902 tana da tarko. A cikinta ne Turawan Ingila suka gina madatsar ruwa ta farko a Aswan, wadda aka kammala a 1902, don haka littattafai da yawa kan ce madatsar ce ta jawo faɗuwar, su wuce. Wannan bayani ya yi arha da yawa. Tafkin madatsar ta farko bai wuce ɗaukar wajen biliyan ɗaya ba, kuma ruwan da ta tare a ƙarshen ambaliya tana sakinsa ne da rani a cikin shekarar. Ba ta da cikin da za ta haɗiye biliyan 25 duk shekara. Shi kansa Cobb ya ja hankali ga shaidar cewa ruwan sama ya sauya a yankuna masu zafi a daidai wannan lokaci, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Aswan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Akwai kuma batun awo: samuwar madatsa ta sauya yadda ake auna ruwan, kuma alƙaluman shekarun farko ba su kai na baya inganci ba. Gwajin ba ya iya raba waɗannan dalilai. In ma'auni ya canza, zai ba da F mai girma daidai da yadda zai bayar in damina ce ta canza. Shi ya sa gogaggen mai bincike, da zarar ya ga karyewa, abin da yake fara tambaya shi ne ko an matsar da tashar awo, ko an sauya na'ura, ko hukumar ƙididdiga ta canza hanyar lissafinta a wannan shekarar.

Babban abin da ke lalata gwajin, duk da haka, shi ne jerin da ke da ƙwaƙwalwa. Lissafin F da aka yi a sama ya ɗauka cewa kuskuren bana ba shi da alaƙa da na bara. Jerin alƙaluma da yawa ba haka suke ba. Farashi, da tsayin ruwan tafki, da hauhawar kuɗin kaya, duk suna jan jiya zuwa yau. Irin wannan jeri kan yi yawo sama na tsawon shekaru, ya gangaro ya daɗe a ƙasa, ba tare da wata ƙa'ida ta canza ba. Wanda ya yanka shi a tsakiya zai ga matsakaita biyu masu nisa da juna, F ya wuce 8.7 cikin sauƙi, a yi shelar karyewar bogi. Abin ban sha'awa, a kan Nilu ɗin nan aka fara gane wannan hali sosai. Harold Edwin Hurst, Baturen da ya shafe mafi yawan rayuwar aikinsa yana auna kogin, ya nuna a 1951 cewa shekarun wadata da na fari suna zuwa ne tari-tari, fiye da yadda tsautsayi zalla zai kawo.

Rikicin yana cizo ta ɓangare biyu, domin karyewa ta gaskiya ma kan yi shigar ƙwaƙwalwa. Alaƙar ruwan bana da na bara a jerin Nilu gaba ɗaya ta kai wajen 0.5, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa. Amma da zarar an cire wa kowane gida nasa matsakaicin, alaƙar tana raguwa ƙwarai. Mafi yawan abin da ya yi kama da ƙwaƙwalwa ashe inuwar karyewar ce: shekarun farko kusan duk suna saman 91.9 tare, na baya galibi suna ƙasa tare. Wannan dubawa ita ce hanya mafi sauƙi ta gane inda aka tsaya. In bayan rabawa kuskuren ya watse ba tsari, an yarda da karyewar. In har yanzu yana tafiya tari-tari, sai a saka adadin bara cikin lissafin, ko a yi amfani da ma'aunin kai-komo da ke la'akari da alaƙar, a sake gwajin. Sau da yawa F ɗin da ya yi kumburi yakan sace a wannan mataki. Masana tattalin arziki sun sha wannan muhawara da zafi bayan Pierre Perron ya yi amfani da faɗuwar kasuwa ta 1929 da tashin farashin mai na 1973 a matsayin sanannun shekarun karyewa a nazarinsa na 1989. Aka soke shi da cewa ai daga alƙaluman aka san waɗannan shekaru. Eric Zivot da Andrews suka sake aikin a 1992, suka bar lissafi ya zaɓi shekarar da haddi mafi tsauri, sai wani ɓangare na hujjar Perron ya yi rauni.

In ana zargin karyewa fiye da ɗaya, hanyar Jushan Bai da Perron ta 1998 ita ce aka fi bi. Tana neman rabon da ya fi rage kuskure ga karyewa ɗaya, da biyu, da uku, sannan ta tambaya ko ƙarin ya cancanci kuɗinsa. Ga Nilu, ɗaya ta wadatar. Masu nazarin ruwan sama a yankin Sahel sun yi irin wannan aiki da alƙaluman tashoshi masu yawa, galibi da gwajin Pettitt na 1979, wanda shi ma neman shekarar da ba a sani ba yake yi, amma da jeranta alƙaluma daga ƙarami zuwa babba. Tashoshin da dama sun nuna faɗuwa a ƙarshen shekarun 1960, gabanin farin 1973 da na 1984 da dattawan ƙasar Hausa ba su manta ba.

Akwai iyaka ɗaya da ba ta da magani a cikin wannan gwaji, kuma ita ta fi damun masu yanke shawara. Datsar gefe na nufin sauyin da ya faru kwanan nan ba ya cikin abin da ake gwadawa. A ɗauki injiniyan da ke zaune a Alƙahira a ƙarshen 1901, da alƙaluman shekaru 31 a gabansa. Shekaru uku ne kawai suka wuce tun bayan faɗuwar, ƙasa da kashi goma na jerinsa, don haka 1898 tana cikin gefen da aka datse. Ba kuma zai iya maimaita gwajin duk shekara da haddi ɗaya ba, domin wannan ma wani salon gwaji da yawa ne, kuma ko ba jima ko ba daɗe zai buga ƙararrawar ƙarya. Don irin wannan hali aka tsara hanyoyin sa ido, kamar wadda Chu da Stinchcombe da White suka fitar a 1996. Ana ɗaukar shekarun baya da aka amince da su a matsayin ma'auni, ana tara tazarar kowace sabuwar shekara, ana kwatanta tarin da wani haddi mai faɗaɗa yayin da lokaci ke tafiya. Farashin wannan kariya shi ne jinkiri: ko da faɗuwar ta kai girman ta Nilu, sai an ga shekarun ƙarancin ruwa da dama a jere kafin tarin ya ƙetare haddin, kuma ƙaramin sauyi na iya shafe shekaru masu yawa ba a kama shi ba.